Mu dai ba ma rufe tukunyar kuɓewa

Da damina ta yi nisa kuɓewa ta cika kasuwar 'Yankaba, sai ka ga kowace ƙofa a gidan hayarmu ta koma miyar yauƙi. Ranar Talatar nan bayan la'asar muna zaune a tsakar gida, ni ina tsintar shinkafa, Goggo tana gyaran zogale, sai ga amaryar ɗakin ƙarshe ta fito da tukunya a hannu, ido ya yi ja.

"Goggo, don Allah ku duba mini. Kore shar na saye ta, ga yadda ta koma."

Muka leƙa. Miyar ta yi duhu kamar ruwan kududdufi, mai ya taso sama, ruwa ya ware gefe guda. Goggo ta ɗebo da ludayi ta ɗaga, sai ta zubo tsululu kamar koko, ko zare ɗaya bai biyo ba. Ta ɗanɗana, ta yamutsa fuska.

"'Yar nan, kanwa nawa kika sa?"

Amarya ta nuna kan babban yatsanta.

"Dunƙulen kika jefa?"

"Eh, Goggo. An ce ita ke sa yauƙi."

"Kika kuma rufe?"

"Na rufe, na je na yi wanka."

Maman 'yan biyu da ke wanke-wanke a bakin famfo ta ce, "Ai shi ke nan, an haɗa wa kuɓewa zafi biyu."

Mu a gidan nan ba ma jefa dunƙulen kanwa cikin miya. Ɗan guntu ake ɗauka, bai wuce ƙwayar wake ba in tukunyar ta mutum 6 ce, a jiƙa shi a ƙaramin kofi tun kafin a hura wuta. Idan ya narke, ƙasa da tsakuwa su kwanta, sai a tsiyaye ruwan sama kaɗai, cokali 2 ko 3. Aikinsa shi ne ya kashe ɗan tsamin da ke cikin ruwan miya, domin tsamin ne ke ɗauke wa kuɓewa korenta ya mai da ita ruwan ƙasa. Yana kuma tausasa ta da wuri ta saki yauƙinta. Amma da hannu ya zarce, ita kanwar ce ke kawo ɓauri da wani ɗanɗano kamar na sabulu a ƙarshen harshe, ta dagargaza kuɓewar, ta duhunta miyar, balle a tukunyar dalma, wadda kanwa ke cin jikinta. Ni kaina in kuɓewar ɗanya ce sharaf, tsinkar safiya, sau da yawa ba na sa kanwa ko kaɗan, kuma miyata ba ta taɓa ba ni kunya ba.

Murfi kuwa, Goggo ta ce tun tana yarinya a ƙauyensu ba ta taɓa ganin an rufe kuɓewa a kan wuta ba. Malamar firamaren da ke ɗakin tsakiya ta ce ai akwai dalili: ɗanyen ganye da irin su kuɓewa suna sakin tsami idan suka ji wuta, wani yana fita tare da tururi. In ka rufe, tururin ya taru a murfi ya ɗiga ya koma ciki. Ga kuma zafi da ya ƙaru, ga kumfa da za ta taso ta zube a murhu. Goggo ta ce, "To ku kun karanta a littafi, mu mun gani a tukunya."

Nan aka yanke shawara a sake wata, tun da magariba da saura. Aka aiki yaro bakin titi ya sayo kuɓewa, Goggo tana ja masa kunne: ya karya ƙarshen wutsiyar kowace, wadda ta karye ƙas ita ce matashiya, wadda ta lanƙwashe ta ƙosa, ya bar wa masu iri. Ƙosasshiya zare ne da ita kamar soso, 'ya'yanta sun yi tauri, ba ta yauƙi sosai, kuma ita ma tana jawo ɓauri.

Da ya kawo, kamar guda 30, amarya ta ɗauko wuƙa za ta fara yankawa a cikin roba da ruwa. Maman 'yan biyu ta riƙe hannunta.

"Wanke tukuna, ki bari ta tsane, sannan ki yanke kai. In kin wanke bayan kin yanka, yauƙin kika zubar a kwata."

A nan ne gardama ta kaure, irin wadda ba ta ƙarewa a gidanmu. Maman 'yan biyu gurzawa take yi a magogi. Goggo ta ce turmi ya fi, a yayyanka a ɗan daka sama-sama. Malama ta ce ita blanda take sakawa, aka yi mata caa, domin blanda in ba a yi hattara ba tana mai da kuɓewa kumfa zalla, miya ta fito fari-fari kamar kunu. Abin da kowa ya yarda da shi dai shi ne, iyakar ƙanƙantar yankan iyakar yauƙin. Ni raba ta nake yi: kashi biyu na gurza domin yauƙi, kashi ɗaya na yanka siri-siri domin haƙori ya sami abin taunawa, ido kuma ya ga kore. Haka muka yi wa amarya.

Romon namanta da ya rage muka ɗora, kofi 3, da daddawa da attarugu da 'yar citta da gishiri da ɗan manja, muka bar su suka dahu sosai har warin daddawa ya kwanta. Tumatir ba mu sa ba. Mai son jar miya ta soya nata daban a zuba a gefen tuwo, domin tsamin tumatir yana tsinka yauƙi yana kashe kore. Kan albasa an daɗe ana ja. Goggo ta rantse tana kashe yauƙi, ni kuma ina sa 'yar kaɗan tun farko ta narke a romo, ban ga ta hana komai ba. Mai yawa ce, wadda aka zuba ɗanya tare da kuɓewar, ke ƙara ruwa ta sassauta miya.

Malama ta tuna mana cewa ba kowane ɗaci ne laifin kanwa ba. Tafarnuwa ko daddawa in ta ƙone a mai, ɗacinta ba ya fita. Haka kifin da matsarmamarsa ta fashe wajen gyara. Shi ya sa muke ɗanɗana romo kafin kuɓewa ta shiga. In da ɗaci a lokacin, an san daga ina ya fito.

Romo yana tafasa aka zuba ruwan kanwa cokali 2, aka zuba kuɓewa, Goggo ta miƙa wa amarya maburgi.

"Burga a hankali. Kada ki ƙara ruwan sanyi, kada ki matsa ko nan da can."

Minti 5 zuwa 7 ne duka aikin. Da farko sai ta yi kore mai haske fiye da yadda take ɗanya, kumfa ta taso. Da kumfar ta fara kwanciya, 'ya'yan suna nan fari-fari, Goggo ta ɗaga ludayi, miyar ta biyo shi da zare dogo bai tsinke ba.

"Sauke! Zafin tukunya zai ƙarasa."

Amarya ta sauke, hannunta ya kai ga murfi, mu uku muka ce "A'a!" a tare. Goggo ta ɗauko faifai ta ɗora a karkace, ta bar wa tururi hanya, ta ce a bari hucin ya fita kafin a juye a kula. Sannan ta aika a ɗebo mata malmala ɗaya daga tuwon shinkafar amarya, ta zauna a kan tabarma ta gutsura, ta naɗe yauƙin a yatsu sau biyu kafin ta kai baki.