Alƙalancin AirPods a Goronyo

A danginmu ni ne masanin waya, saboda na taɓa zama shagon gyara a Sakkwato kafin in koma Wurno noman tafarnuwa. Shi ya sa ɗan yayata da ke Rabah ya turo mini hotuna ta WhatsApp da tsakar dare: wani a Goronyo zai sayar masa da AirPods Pro na biyu, wai tsarabar Umara ce, a kuɗin da bai kai rabin na shago ba. "Kawu, duba mini, wanga orijinal na ko jabu?"

Na fara da siffar gidan cajin. Pro na farko, na 2019, gefensa sumul yake. Na biyu, na 2022, yana da maƙalin igiya na ƙarfe a gefe, da ƙananan ramukan sifika a gindi. Duk akwai su a hoton. Amma wannan bai hana ni barci ba kuma bai sa ni barci ba, domin masu kwaikwayo na kasuwar Huaqiangbei ta Shenzhen sun daɗe da ƙwarewa a siffa. Abin da kan tona su shi ne murfi mai girgiɗi da bakin da bai haɗe daidai ba, kuma hoton da aka ɗauka da fitilar aci-balbal ba ya nuna haka.

Sai na ce a ɗauko mini cikin murfin, inda ake buga lambobi da ƙananan baƙaƙe. Na shigar da lambar siriyal a checkcoverage.apple.com, bayan na hau kan katanga neman sabis. Ta fito tsaf, AirPods Pro. Yaro ya fara murna, na ce ya dakata. Shafin nan abu ɗaya yake tabbatarwa: Apple ya taɓa yin kaya mai wannan lamba. Bai ce shi ne a hannunka ba. Masu jabu lambar gaske ɗaya suke kwafa su buga wa kwali-kwali.

Kusa da siriyal ɗin akwai lambar samfuri, A2700. Nan na gyara zama. A2700 gida ne mai bakin caji irin na Lightning. Mai bakin USB-C sai a 2023 ya fito, lambarsa kuwa A2968. Shi wannan na hoto, rubutu na cewa Lightning, gindi na nuna USB-C, kamar ɗan akuya da takardar haihuwar rago.

Saura fitila, ita kuwa hoto ba ya faɗin halinta. Muka hau mashin sai Goronyo. Garin da ke da madatsar ruwa sukutum a kan kogin Rima, ranar babu wuta, dole muka tare a rumfar mai cajin waya, janareto na ta kuka, 'yan kallo sun cika.

Na yi wa jama'a bayani da murya irin ta mai wa'azi. Na gaske, in ka jona shi, 'yar fitilar gaba takan kama ruwan goro idan bai cika ba, kore idan ya cika, ta yi 'yan daƙiƙu ta mutu alhali caji na tafiya. Fari mai ƙiftawa sai an danna maɓallin baya za a haɗa da waya. Su kansu 'yan kunnen ba su da fitila ko ɗaya. Aka jona. Fitila ta kama ƙifta ja, ta ƙi mutuwa. Na zaro ɗan kunnen dama, shi ma ya ƙifta mini shuɗi.

"Jabu ne!" na ce, har mai rake a tsallaken titi ya waiwayo. Na ƙara da cewa wannan kaya ko Illela bai taɓa tsallakawa ba, balle Makka.

Mai caji ya ce shi ma yana da irinsa, ya jawo daga aljihu. Muka buɗe murfi: siriyal iri ɗaya, baƙi da baƙi. Wani ɗan acaba ya miƙo nasa, ita ce dai. Dariya ta ɓarke. Mai kayan, wani dogo mai hula zanna, bai ce uffan ba, sai kallona yake.

Tun ɗazu ɗan yayata yake taka mini ƙafa, na zaci cunkoso ne. Sai da muka fita gari ya tsayar da mashin ya cire hula.

"Kawu, ka san ko wane na? Yayan yarinyar da za ku zo nema mini ranar Jumma'a."

"To mi ya hana ka hwaɗa mini?"

"Ai cewa na yi ka duba hoto. Ni niyyata ko jabu na in saye, don a san ni da kirki."

Ranar Jumma'a ni aka sa gaba, da goro da alewa, tunda ni ne kawu. Dogon nan ne ya yi mana shimfiɗa, abinsa maƙale a kunne yana ƙifta shuɗi. Da aka zo maganar sadaki, ya duƙa gaban mahaifinsu cikin ladabi ya ce, "Baba, a ƙidaya kuɗin a gabansu, a duba lambar kowace takarda. Baƙonmu masani na, ba ya son jabu."