Mu da Sauya Ƙasar Waya

Mu a unguwar nan, da zarar manhaja ta ƙi fitowa a Play Store, hukunci ɗaya muke yankewa: "Wayar ce ba ta ƙasar nan ba, a kai wa mai caji ya canza mata ƙasa." Haka za ka ji a majalisar bayan la'asar, haka a gidan suna, haka a bakin mai shayi. Ga wayoyinmu kuwa yawancinsu matafiya ne. Wata tsarabar Makka ce, wata 'yar Dubai, wata ɗa ne ya aiko daga Ingila, wata kuma an saye ta hannu na biyu a Farm Centre. To amma abin da muke kira "canza ƙasa" matsaloli uku ne daban muka cusa a buhu guda, kuma biyu daga ciki ba su da alaƙa da ƙasa ko kaɗan.

Wayar da kanta tana faɗa maka wace ce ta same ka, in ka tsaya ka karanta. In ta rubuta `Your device isn't compatible with this version`, maganar waya ce, ta tsufa ko ba ta kai ƙarfin da manhajar ke nema ba, kuma ko ka mayar da ita ƙasar da ka ga dama ba abin da zai sauya. In ta rubuta `This item isn't available in your country`, nan ne maganar ƙasa ta shigo. In kuwa manhajar ta fito, sai dai bayaninta da Larabci ko Faransanci, wannan maganar harshe ce, ita ce mafi sauƙi, kuma ita muka fi wahalar da kanmu a kanta.

Maƙwabcinmu ne ya dawo daga Jidda bayan ya yi shekaru yana aiki can. Ya zo majalisa da Samsung ɗinsa yana ƙorafi biyu: komai na Play Store da Larabci yake fitowa, sannan manhajar wani bankin waya da yake son buɗe asusu ta ƙi bayyana sam. Kafin ya rufe baki samari sun yi masa caa, wannan ya ce a saka VPN, wancan ya ce a wanke wayar gaba ɗaya. Ƙaninsa mai gyaran waya ne ya ce, "Yaya, kawo in gani. Larabcin nan ba Saudiyya ce ta sa maka shi ba, kai ka zaɓa ranar da ka fara kunna wayar."

Gaskiya ya faɗa. Play Store harshen waya yake bi. A Samsung sai ka shiga `Settings`, sannan `General management`, sannan `Language`, ka ɗora harshen da kake so a saman jeri. A wasu wayoyin yana ƙarƙashin `System`. Wanda ba ya karanta Larabci ya nemi kalmar اللغة, ita ce ƙofar. Da yaron ya mayar da wayar Turanci, bayanan manhajoji suka juye nan take, ba a taɓa asusu ba, ba a rasa ko lamba ɗaya ba, kuma in Yaya ya so komawa Larabci gobe ba mai hana shi.

Sai dai akwai iyaka, kuma gara mu san ta. Bayanin da ke ƙarƙashin kowace manhaja mai ita ne ke rubutawa, shi ke zaɓen harsunan da zai fassara. In bai yi da harshenka ba, ko dai ka ga ainihin harshen da ya rubuta, ko ka ga fassarar na'ura. Shi ya sa iyayenmu masu Tecno da Itel, waɗanda suka saita wayarsu da Hausa, suke shiga Play Store su tarar da bayanin manhaja da Turanci, su ɗauka wayar ce ta lalace. Lafiyarta lau. Masu manhajojin ne ba su rubuta da Hausa ba, kuma wannan abu yana damuna ƙwarai, domin tsohuwar da za ta sauke manhajar kuɗi ita ta fi kowa bukatar fahimtar abin da aka rubuta. Ga 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka fi sabawa da Faransanci kuwa, akwai dabara mai sauƙi: in an turo maka adireshin manhaja, ka buɗe shi a burauza ka ƙara `&hl=fr` a ƙarshensa, bayanin zai fito da Faransanci in akwai shi, `&hl=en` kuma Turanci.

Ƙorafin Yaya na biyu shi ne mai nauyi. Ƙasar nan da ake magana ba a jikin waya take ba, a asusun Google take. Ya buɗe Gmail ɗinsa a Jidda, ya taɓa sayen wani abu da katin bankin can, saboda haka Google ya rubuta shi mutumin Saudiyya. Da zai sayi sabuwar Infinix a Kano yau ya shiga da wannan Gmail ɗin, kantin Saudiyya zai ci gaba da gani. Mai manhaja kuma shi ke zaɓar ƙasashen da zai saki kayansa, bankin nan bai saka Saudiyya ba.

Hanyar sauyawa tana cikin Play Store ɗin: ka taɓa hotonka a sama, `Settings`, `General`, `Account and device preferences`, sannan `Country and profiles`. Sabuwar ƙasa ba ta fitowa a wurin sai Google ya ga daga cikinta kake shiga intanet, kuma zai nemi ka saka hanyar biyan kuɗi ta ƙasar, wato ga Yaya katin bankin Najeriya. Bayan ka gama ma yana iya ɗaukar har awa 48 kafin kantin ya juya. Nan muke yawan gaggawa, mutum ya sauya, ya duba bayan minti biyar, ya ce bai yi ba, ya fara danne-danne. Wanda ke cikin rukunin iyali na Google kuwa ba zai ga zaɓin ba sai ya fita daga rukunin.

Abin da masu cewa "canza kawai" ba sa faɗa shi ne tsadar abin. Kuɗin da ya rage maka a asusun Play na tsohuwar ƙasa ba ya bin ka zuwa sabuwa. Sannan ba a sauyawa yau a koma gobe. Shekaru da yawa ƙa'idar ita ce sau ɗaya a shekara, kuma ko yaya aka yi sai ka jira watanni kafin a ba ka damar sake juyawa. Yaya kuwa yana da niyyar komawa Jidda bayan Sallah, kuma yana da manhajojin can da yake aiki da su. Ƙanin ya ce, "Yaya, kar mu taɓa wannan. Bari in buɗe maka wani Gmail a nan, ka riƙe biyu." Da layin Najeriya ya buɗe, ya ƙara shi a wayar, ya shiga Play Store ya taɓa hoton sama ya zaɓi sabon asusun, sai ga manhajar bankin. Ni a ganina duk mai kai-komo tsakanin ƙasa biyu, ɗan kasuwar Jibiya da Maraɗi ne ko ɗalibi a Sudan ko Masar, wannan ita ce hanyarsa. Sauya ƙasa na wanda ya tattara ya dawo ne gaba ɗaya.

Masu iPhone nasu ya fi tsauri. Wata Hajiya a layinmu, 'yarta ta aiko mata da waya daga Ingila, asusun Apple na 'yar yana ciki. Jikanta ya shiga `Settings`, ya taɓa suna, `Media & Purchases`, `View Account`, `Country/Region`, wayar ta ƙi. Dalili shi ne Apple ba ya barin a sauya ƙasa sai ragowar kuɗin asusu ya zama sifili, an soke duk wani biyan wata-wata an jira wa'adinsa ya cika, an kuma fita daga `Family Sharing`. 'Yan kwabbai ne suka rage a asusun, waɗanda ba za su sayi komai ba, irin wannan sai an tuntuɓi Apple su share. Allah ma ya taimaka da ta ƙi. Da ta yarda, asusun 'yar ne gaba ɗaya zai koma Najeriya, har da wayar da ke hannunta a can. Da aka yi wa Hajiya bayani cewa ta yi, "Yo ni ina na san wayata da tata igiya ɗaya ce?" Aka buɗe mata nata asusun da Najeriya a matsayin ƙasa. Manhajojin da aka sauke da asusun 'yar aka goge aka sake saukewa, don in an bar su, duk ranar sabuntawa kalmar sirrin 'yar za su nema.

Maganar VPN kuwa, samarinmu sun ɗauke ta maganin kowace cuta. Wani lokaci yakan yi aiki ga asusun da bai taɓa biyan kuɗi ba, amma sau da yawa wahalar banza ce, domin manhajar da aka ware wa wata ƙasa kana buɗe ta za ta nemi lambar wayar ƙasar ko katin shaidarta. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗabi'armu ta "turo min ta Xender". Ga wasa ko manhajar karatu da sauƙi, amma manhajar banki da ka karɓa daga hannun wanda shi ma bai san inda ya samo ta ba, za ka zuba mata lambar sirrinka ba ka da tabbacin wa ke karɓa a ɗaya gefen. Ko a cikin Play Store ma ka duba sunan kamfanin da ke ƙarƙashin sunan manhajar kafin ka danna `Install`, domin idan ta asali ba ta fito a ƙasarka ba, masu kama da ita ne ke cika shafin.

Duk wannan gyara yana rataye da abu ɗaya da yawancinmu ba mu riƙe ba. Ranar da muka sayi waya mai shago ne ya buɗe mana Gmail ko asusun Apple, ya saka kalmar sirri daga kansa, muka karɓi waya muka tafi. Ba a fita daga asusun Apple, ba a dawo da lambobi a sabuwar waya sai da ita. Don Allah jama'a, wanda bai san tasa ba ya koma wurin wanda ya buɗe masa tun yana tunawa, ya karɓa, ya sauya ta da kansa, ya ɗaura lambar wayarsa a asusun, ya rubuta a takarda ya adana a gida. Iyayenmu da ba za su iya ba kuma, mu zauna mu yi musu.