Yadda za ka shirya taron intanet ka zauna kai kaɗai

A ce ƙungiyarku ta shirya bita ta Zoom ranar Alhamis, kan yadda ƙananan 'yan kasuwa za su riƙa rubuta shiga da fitar kuɗinsu. Mutane sun yi rajista tun makonni biyu da suka wuce, kuma tuni sun manta. Abin da ya rage shi ne imel ɗin tunatarwa. Idan burinka ka yi taron daga kai sai mai gabatarwa, aikin ba wuya.

Fara da kanun saƙon. Rubuta "Tunatarwa" kawai, ko "Muhimmi". Kada ka kuskura ka sa sunan bitar da ranar da ƙarfe nawa, domin mai duba waya a cikin adaidaita zai gane komai tun bai buɗe ba, kuma irin wannan ne ke zuwa.

Lokaci kuwa nan ne gwaninta take. Ka ce "ƙarfe 11" ka yi shiru. Ƙarfe 11 na safe a Kano, Yamai, Garwa da Njamena ɗaya ne, amma a Akara 10 ce, a Khartum 12, a Nairobi 1 ta rana. Ɗan'uwanmu na Landan ya fi ban tausayi: a watan Yuli agogonsa ɗaya da na Kano, a Disamba yana bayanmu da awa guda. Idan ka rubuta "11:00 na safe agogon Najeriya, WAT", ko ka liƙa fayil ɗin .ics da ke shiga kalandar kowa da agogon garinsa, ka ɓata shirin. Kwanan wata ma ka sa 03/04, a yi ta gardama ko Maris kake nufi ko Afrilu. In so samu ne, mayar da taron ranar Juma'a ƙarfe ɗaya da rabi.

Sai linki. Mai son jama'a yana ajiye shi a layin farko ko na biyu, shi kaɗai, ga Meeting ID da Passcode a ƙarƙashinsa saboda wanda linkin ya ƙi buɗe masa. Kai kuwa binne shi za ka yi bayan gaisuwa ga shugaba da mataimakinsa da iyayen ƙungiya. Wanda ya fi ƙwarewa ma a jikin hoton sanarwa yake rubuta shi, yadda ba ya dannuwa, sai mutum ya kwafi baƙi bayan baƙi yana rikita sifili da harafin O. Akwai kuma wata dabara: in taron na rajista ne, Zoom kan ba kowa linkinsa na kansa. Ɗauki naka ka raba wa kowa, sai ka ga mutum goma sun shigo duk da sunanka. Kada ka gwada linkin a wata waya kafin ka aika. Gwaji na masu shakka ne.

Ajanda ta zama "jawabai daban-daban". Da ka rubuta cewa 11:00 buɗewa, 11:10 yadda ake raba jari da riba, 11:35 gwaji da littafin ciniki, 11:50 tambayoyi, da mai shago ya san lokacin da zai bar wa yaronsa kanti. Kuma kada ka gaya wa kowa cewa Zoom ɗin kyauta kake amfani da shi, wanda ke yanke taro a minti 40. Bari ya katse mai gabatarwa a tsakiyar lissafi.

Game da abin da za su tanada, yi gum. Bitar tana buƙatar kowa ya zo da littafin cinikinsa na mako guda, da biro, da kalkuleta. Sanar da su bayan an fara. Kada ka ce su sauke Zoom tun ana gobe, su cika caji, su nemo iyafis. Kada ka ambaci data, alhali awa guda ta bidiyo na iya lashe wajen gigabait ɗaya, kuma kashe kyamara na rage ci. Maganar danna Mute ma bar ta, ai kowa na son jin zakaran gidan Hajiya.

Wajen aikawa, zuba adireshin kowa a CC maimakon BCC. Asirin kowa ya tonu, sannan mutum ashirin su danna Reply All su ce "Allah Ya kai mu". Masu hankali kan aika sau biyu, ana gobe da kuma saura awa ɗaya. Kai aika sau ɗaya, saura minti biyar, daga adireshin da ba a iya mayar masa da amsa.

Idan duk ka bi waɗannan amma mutum bakwai suka shigo, kada ka zargi kanka. Duba da kyau, 'yan kwamitin shirya taron ne.