Mu da Duba: Daga Faifan Ƙasa Zuwa Katin Waya

Mu mutanen Gombe ba ma zuwa wurin boka. Tambayi kowa daga Jekadafari har Pantami, zai ce maka a'uzu billahi. Abin da muke yi kawai shi ne mu je wurin "wani malami" a bayan gari ya duba mana, mu kai masa sunan yaro da sunan uwarsa, mu ajiye ɗan abin goro a gefen buzu. In an dawo gida sai a ce an je neman addu'a. Dattijon da ya kai sunan manemin 'yarsa ranar Laraba, shi ne za ka gani a sahun gaba ranar Juma'a yana gyaɗa kai liman na zagin 'yan duba.

Yanzu kuma duban ya zo da sabuwar riga. 'Yan matanmu na jami'a ba sa hawa Keke Napep su nufi bayan gari, suna kwance a ɗaki wata mata a TikTok tana baje musu katin tarot. Wata 'yar layinmu a Bolari, mai manema biyu, ɗaya ɗan kasuwa ɗaya ma'aikaci, ta kawo wa goggonta maganar tana dariya.

"Goggo, wannan fa ba duba ba ne. Kati ne kawai, yana taimaka wa mutum ya san zuciyarsa."

"To me za ki tambaye shi?"

"Wanne zan aura a cikinsu."

"Ashe kin san hanya. Mu ma abin da muke tambayar ƙasa ke nan."

Katin nan guda 78 ne, 22 manya masu hotuna, irin su Mutuwa da Hasumiya da Masoya, sauran 56 kuma gida huɗu ne kamar kartar da ake bugawa a tasha. A Italiya aka fara shi cikin ƙarni na 15, kuma karta ce ta wasa zalla. Sai wajen shekarar 1781 wasu a Faransa suka ce akwai asirin Misira a ciki, aka shiga duba da shi. Mai duban za ta gauraya, ta zaro uku ta jera: na farko abin da ya wuce, na biyu halin da ake ciki, na uku abin da ke tafe. Malaminmu na bayan gari shi ma haka yake, sai dai da yashi. Yakan ɗiɗɗiga layuka a faifai ba tare da ƙirgawa ba, ya share bibbiyu, abin da ya rage ɗaya ne ko biyu ya haɗa su gida-gida har goma sha shida, ya karanta. Can hannu ya gauraya kati, nan yatsa ya buga ƙasa, dukansu kuma daga abin da ya faɗo bisa katari suke ɗauko labarin gobe.

Nan ne mai addini ya kamata ya tsaya ya yi lissafi tun kuɗinsa na aljihu. Malamanmu, na Izala da na ɗariƙa, da wuya su haɗu a kan abu, amma ba wanda zai musa maka cewa aya ta 65 a Suratun Namli ta keɓe sanin gaibu ga Allah. Suratul Ma'ida kuma ta hana neman rabo da kibau, waɗanda Larabawan jahiliyya ke zarowa daga jaka kafin tafiya ko aure. Mutum ya zaro kibiya, mutum ya zaro kati, da wuya ka samu inda suka rabu.

Hukuncin kuma hawa biyu ne, mu kuwa mun fi son mu tuna na sama kaɗai. Na sama shi ne wanda ya je ya gaskata, wanda hadisin da Imamu Ahmad ya rawaito ya danganta shi da kafirce wa abin da aka saukar wa Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Sai mu ce ai mu ba mu gaskata ba, ji kawai muka je yi. To na ƙasan yana cikin Sahihu Muslim, kuma shi tambayar kawai ya ambata: sallar kwana arba'in ba lada. Malamai irin su Imamu Nawawi sun ce dole dai ka ci gaba da yin ta, ba kuma sai ka ranka ba, ladan ne ya tafi. Kwana arba'in sau biyar, salla 200 ke nan, a kan tambayar da aka yi "don nishaɗi".

Akwai hujjar da masu bugun ƙasa ke ji da ita, kuma ba ƙarya suka ƙirƙira ba. A Muslim ɗin dai, sahabi Mu'awiya ɗan Hakam ya tambayi Annabi game da masu zane a ƙasa, aka shaida masa cewa wani annabi ya kasance yana zanen, wanda nasa ya dace da na annabin nan ya dace. Sai dai sharhin da aka yi wa hadisin ya rufe ƙofar, domin ba mai hanyar sanin ko zanensa ya dace. Shehu Usmanu ma a Nurul Albab ya sa masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa da taurari cikin waɗanda ya yi wa raddi. Maƙwabtanmu Kirista 'yan Kaltungo da Billiri ba su tsira ba su ma. Maimaitawar Shari'a sura 18 ta jera masu duba da masu sihiri ta hana, ga labarin Sarki Saul da ya kori masu duba daga ƙasarsa, sannan ya ɓad da kama cikin dare ya nemi wata a Endor. Da a Gombe yake, da mun ce namu ne.

Saura maganar yarinyar, cewa katin madubin zuciya ne kawai. Akwai masu yin sa a haka da gaske, kuma ni ban ce ƙarya take ba. Amma goggon ta gwada ta da tambaya guda: "In katin Mutuwa ya faɗo a na uku kina tunanin ɗan kasuwan, gobe in ya zo zance za ki fita da fuskar da kika saba?" Yarinya ta yi shiru. Mai katin za ta ce miki ma'anarsa sauyi ce, ba mutuwa ba, amma ya riga ya shiga rai. In katin zai iya sa ki fasa ko ki yarda, kin ba shi matsayin da kika ce ba ki ba shi ba. In kuwa ba zai sauya komai ba, kuɗin data da na mai duba asara ce tsagwaronta.

Kuma abin ba ya tsayawa a zama ɗaya. Farko a faɗa miki abin da ya dace da kowa, cewa kina da kirki amma ana cin amanarki. Sai a ce akwai wata mace kusa da ke da ba ta son ci gabanki, ke da kanki za ki nemo mata suna, kishiyar uwa ko ƙawar makaranta. Daga nan sai kuɗin karya abin. A bayan gari baƙin bunsuru ake cewa, a waya lambar asusu ake turowa. Gidaje nawa a garin nan aka daina gaisawa saboda "an gani"?

Goggo ta ce wa yarinyar ta yi istihara, ta kuma ja kunne, don mu istiharar ma mun mai da ita duba. Mukan biya malam ya kwana a kai, da safe ya ce ya ga farin doki ko ruwa mai duhu. Wadda ta zo a Buhari daga Jabir ba haka take ba. Mai buƙata ne da kansa zai yi nafila raka'a biyu, ya karanta addu'ar, ya ambaci lamarinsa, ba a kuma shar'anta mafarki ba. Bayan nan sai bincike. Aka tura kawunta Babbar Kasuwa ya tambayi maƙwabtan shagon ɗan kasuwan yadda yake da bashi da alkawari, aka tura yayanta unguwar ma'aikacin ya ji wane masallaci yake asuba, da abin da ya raba shi da matarsa ta fari. Kawu ya dawo da labari mai daɗi. Yaya kuwa ya ce sai ya koma, don mutum biyu ya tambaya kuma bakinsu bai zo ɗaya ba.