Mu a cikin Badala sai mun tambayi ranar mako

Mu mutanen cikin gari haka muke, idan an yi haihuwa ko aure ko rasuwa, da watan Musulunci iyayenmu suke rubutawa a bangon littafi. Sai an zo cike fom na makaranta ko katin ɗan ƙasa a ce a kawo kwanan watan Bature, nan gardama take tashi a dakali.

Ranar nan ma a majalisarmu ta Yakasai, bayan la'asar, ɗan Yayana ya zo da rubutun kakansa: an haifi yaron daren Litinin, 27 ga Ramadan, 1420. Ya danna a waya, ta ba shi Talata, 4 ga Janairu, 2000.

"Baffa, ko dai Kaka ya yi kuskure ne?"

Na ce masa, "Kai, bi a hankali, yaro. Mutumin da bai taɓa fashin duban wata ba?"

Malam na ƙofar gidanmu ya ce a ba shi takarda da biro. Ya ce shekararmu kwana 354 ce ko 355, ta Bature kuwa 365 ko 366, tazarar wajen kwana goma sha ɗaya. Saboda haka a ninka 1420 da 0.97, a ƙara 622, sai a sami 1999 da 'yan kai. Wannan shekarar da Muharram ya kama kawai ya nuna. A lissafi, 1 ga Muharram 1420 ya zo ranar 17 ga Afrilu, 1999. Watanni takwas kafin azumi, ana ba ɗaya 30 ɗaya 29, kwana 236 ke nan. A ɗora 26 don a kai ranar 27, ya zama 262. Aka ƙirga daga 17 ga Afrilu, sai ga mu a 4 ga Janairu, 2000.

"To ai waya ta yi daidai ke nan, Allah gafarta Malam."

"Lissafinta ta bi, ta kuma yi daidai a kansa," in ji Malam. "Amma waya ba ta fita duban wata ba."

Abin da waya ke bi ko dai jadawali ne tsayayye, wanda ke jera 30 da 29 yana ƙara kwana ɗaya a shekaru 11 cikin kowace 30, ko kuwa kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda ita ma da lissafin taurari ake tsara ta tun kafin watan ya zo. Mu kuwa ranar 29 ake fita duba. In an gani, Sarkin Musulmi ya sanar daga Sakkwato, gobe ɗaya ga wata. In ba a gani ba a cika talatin. Don haka ɗaya ga watanmu yana iya riga na waya da kwana guda, yana iya biyo bayansa.

Wani maƙwabcinmu mai fatauci zuwa Maraɗi ya karɓe zancen. "Ku tuna ƙaramar Sallar 2024 mana. Nijar ranar Talata, 9 ga Afrilu, suka sauko idi. Mu sai Laraba, 10 ga wata, muka cika filin Ƙofar Mata. Duka kuwa 1 ga Shawwal 1445 muke cewa." Gaskiyarsa. Duk jaririn da aka haifa a Maraɗi ranar Sallar nan, in ka ba waya kwanan watansa, Laraba za ta ba ka, alhali Talata ya zo duniya.

Shi ya sa nake jinjina wa tsofaffinmu da ba sa rubuta kwanan wata ba tare da ranar mako ba. Ana saɓawa a kan ganin wata, amma Litinin a Kano ita ce Litinin a Makka. Kaka ya rubuta Litinin, waya ta ce Talata, sai mu ɗauki Litinin mafi kusa, wato 3 ga Janairu. Hakan na nuna azumin da Kaka ya bi ya riga jadawali da kwana ɗaya. Da tazarar ta kai kwana uku ko huɗu, to da sai mu koma mu duba rubutun da kyau, wataƙila an karanta wata ko shekara ba daidai ba.

Yaron har ya ɗauki biro, Malam ya ɗaga masa hannu. "Dakata. Daren Litinin ya ce."

A wajenmu dare ke riga yini, kwanan wata yana juyawa da faɗuwar rana. Yadda daren Juma'a yake farawa da magaribar Alhamis, haka daren Litinin yake farawa da magaribar Lahadi. Bature kuwa sai ƙarfe goma sha biyun dare yake juya nasa. In an haife shi bayan tarawi, Lahadi ce, 2 ga Janairu. In kuwa wajen sahur ne, Litinin ce, 3 ga wata.

Aka tura shi cikin gida ya tambayo Hajiya. Ta aiko cewa ana cikin ɗumamen tuwon sahur ungozoma ta fito da albishir. Sai ya rubuta 3 ga Janairu, 2000.