Yadda Muke Shirya Taron Buhun Wake a Kuki

Mu nan Kuki, in za ka tara mu ka yi mana bayani, bar tulin takardunka a gida, ka zo da abin da hannu zai taɓa. Haka muke gaya wa duk malamin gonar da ya taso daga Dutsin-Ma ko Kurfi da kaka, zai koyar da ajiyar wake a buhun nan mai leda biyu a ciki, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007.

Shiri kan fara ne daga zauren mai unguwa. Shi zai sa a yi shela, a tsayar da lokaci bayan la'asar, a kauce wa ranar kasuwa. Mata kuwa a yi musu nasu zama a cikin gida, don wake da yawa a ɗakunansu yake kwana.

Wurin hoto ne muka fi jan kunne. Ka zana ƙwaron wake ya cika takarda, wani dattijo zai ce, “Malam, ai namu bai kai haka girma ba,” shi ke nan ka rasa rabin taron. Gara ka zo da kwano biyu, ɗaya na wake lafiyayye, ɗaya na wanda ƙwari suka huda, a zagaya da su kowa ya damƙa. Kada kuma ka jera hotuna daga hagu zuwa dama. Yawancinmu a allo muka yi karatu, daga dama ido ke farawa. Ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, kowane hoto da aiki guda.

Sannan ka yi aikin a gabanmu, kana yi kana faɗi. Ka ciji ƙwayar wake a ji ta ce ƙas, alamar ya bushe. Ka cika leda da iska ka danna, a ga ba ta da huda. Ka zuba wake, ka matse iskar, ka murɗe bakin ledar ciki, ka lanƙwasa, ka ɗaure. Ta biyu ma haka, sannan buhun waje, kowanne da igiyarsa. Dalilin a faɗe shi gajere: ƙwaro numfashi yake yi, in iska ta ƙare masa sai ya mutu, ba sai an sa magani ba. Lissafi kuma a yi shi da tiya.

Kada ka tambaye mu, “Kun gane?” Kunya za ta sa kowa ya ce e. Ka ce, “Baba, bismillah, zo ka ɗaura mu gani.” In ya haɗa bakin ledojin biyu ya ɗaure tare, ka san wurin da za ka maimaita.

Buhun sai a bar shi gidan mai unguwa, a kan katako saboda ɓera, a sa ranar da za a dawo bayan wata huɗu ko biyar a kwance shi a gaban kowa.