Ga Sabon Mijinki, Shi Ne Dai Na Da

A shirin General Hospital, wanda tashar ABC ta Amurka take haskawa tun 1963, akwai wata baiwar Allah mai suna Sam da ta ga abin da ya ishe ta. A 2012 aka harbe mijinta Jason Morgan, aka tura shi cikin ruwa, ba a ga gawa ba. Ainihin abin da ya faru kuwa, ɗan wasan da ke fitowa a matsayin Jason tun 1991, Steve Burton, shi ne ya ajiye aiki ya kama gabansa. Marubuta suka rasa yadda za su yi, suka jefa shi ruwa, suka bar ƙofa a buɗe.

Bayan shekara biyu sai ga wani mutum mota ta kaɗe shi, fuska ta dagargaje, likitoci suka yi masa sabuwa, ya farka bai san ko sunansa ba. Wannan shi ne Billy Miller, sabon ɗan wasan da aka ɗauko. Aka yi ta jan rai fiye da shekara kafin mutanen garin Port Charles su gane cewa ai Jason ne. Sam ta karɓi mijinta da sabuwar fuska, aka sake ɗaura aure, har ta haifa masa 'ya mace. Masu kallo ma, bayan 'yan gunaguni, suka ce to Allah ya ba da zaman lafiya.

Kwatsam a 2017 Steve Burton ya shirya da masu shirin, ya dawo. Ga Jason biyu, mace ɗaya. Da a unguwarmu ne, da sai an kai ga alƙali. Marubutan kuwa ko gezau. Suka ce ashe Jason 'yan biyu ne aka raba su tun suna jarirai, wanda Sam take zaune da shi sunansa Drew, wasu mugaye ne suka kwashe tunanin Jason suka zuba masa a ka. Jason na gaskiya yana can a tsare a wani asibiti a Rasha duk tsawon shekarun nan. Wato dai matar da aka yi ta lallashi ta yarda da sabuwar fuska, ƙarshe aka ce mata ɗan'uwan miji ta aura.

Mai hankali zai tambaya: me ya hana a bar Jason ya mutu kowa ya huta? Amsar tana cikin yadda ake sarrafa irin wannan shiri. Kwana biyar a mako ake haska shi, ba hutu, shekara da shekaru. Ba a jiran kowa. Ɗan wasa kuma mutum ne, kwantiraginsa na ƙarewa, ya nemi ƙarin kuɗi a hana shi, ya samu aikin fim, ya yi rashin lafiya, ko ya saɓa da shugabanni. Shi Burton ɗin a 2021 an sake rabuwa da shi saboda bai cika sharaɗin allurar rigakafin korona da kamfanin ya gindaya ba, nan take rami ya rufta wa Jason. Ba gawa, kamar kullum.

Amma shi Jason na cikin labari ba mutum ɗaya ba ne da za a cire a share wuri. Ɗan babban gidan Quartermaine ne, na hannun daman uban daba Sonny ne, aminin Carly ne, mijin Sam ne, uban yara ne. Ka kashe shi, ka tsinke igiya biyar da aka yi shekara ashirin ana tufkawa. Matsayin ya zama kamar sarautar Galadima: mai rawanin yana canjawa, amma gidan da fadawan da tsofaffin rigingimun suna nan inda suke. Kamfani ne ya mallaki sunan, ɗan wasa aron sa aka ba shi. Ita kanta Carly mata huɗu ne suka ɗauki sunanta daga 1996 zuwa 2005, ta huɗun, Laura Wright, ita ta zauna daram.

Ba kowane canji ake yi wa wahalar hatsarin mota ba. Hanya mafi arha ita ce a ji wata murya ta sanar cewa daga yau wane ne zai fito a matsayin wane, shi ke nan, a ci gaba da rigimar jiya daga inda aka tsaya. Yara kuwa nasu ya fi sauƙi. A tura ɗan shekara takwas makarantar kwana, baɗi ya dawo da gemu yana neman aure, uwarsa ko furfura ɗaya ba ta ƙara ba.

To ta yaya mai kallo ba ya ɓata? Marubuta sun san aikinsu. A fitowar farko ta sabuwar fuska za ka ji kowa yana kiran sunan har ya gundure ka, kamar masu tashin mai barci. Za a tsayar da shi a falon da aka saba ganinsa, kusa da matar da aka san tasa ce, a sa abokin gabarsa ya shigo ya harare shi. Da ka ga wanda ya rungume shi da wanda ya tsane shi, ka san ko waye. Sai a sa ya ambaci wani tsohon sirri da shi kaɗai ya sani, magana ta ƙare.

Sauran aikin kuma na 'yan kallo ne, kuma nan ne abin dariyar yake. Kowane gida akwai malamar tarihi. Ba ta tuna inda ta ajiye makulli da safe, amma ta san wa ya ci amanar wa a shekarar da aka haifi autanta. Idan baƙo ya kuskura ya ce “wannan kuma waye?”, ya jawo wa kansa karatun rabin sa'a, da salsala tun daga kakanni. Suna da nasu lissafin: Carly ta farko, Carly ta biyu, Jason na asali. Duk sabon da aka kawo, makon farko ba ya taɓa yin daidai. Hancinsa ya yi tsawo, ba ya iya harara, tafiyarsa ba ta Jason ba ce. A rantse an daina kallo. Gobe da lokacin ya yi, mai rantsuwar ce za ta riga kowa zama, wai ta zo ne ta ga yadda za su ƙarasa lalata shirin. Wata shida ta fara kare shi. Ranar da aka ce zai tafi, ita ce kan gaba wajen cewa ba a yi masa adalci ba.

Mu ma nan mun ɗanɗana. Da Nafisa Abdullahi ta bar Labarina na Aminu Saira a 2022, Fati Washa ta karɓi matsayin Sumayya, muhawarar da aka tafka a majalisu da gidajen biki sai ka ce zaɓe aka yi. Mutanen da ba su taɓa riƙe kyamara ba suka zama masana zaɓen 'yan wasa dare ɗaya. Kuma duk mai cewa “wallahi ba Sumayya ba ce”, da za ka tambaye shi abin da ya faru a fitowar makon jiya, zai zayyana maka tiryan-tiryan.

Can Port Charles kuwa abin bai tsaya ba. Billy Miller ya bar shirin a 2019, jirgin sama ya faɗi da Drew. A 2021 Drew ya dawo a jikin Cameron Mathison, fuskarsa ta uku ke nan idan aka haɗa da wadda aka haife shi da ita, kuma dangi suka gane shi ba tare da wani ya nemi katin shaida ba. A 2024 Burton ya sake dawowa, Jason ya fito daga ƙarƙashin ramin da ƙafarsa. Aka wayi gari ga tagwaye biyu a gari guda, waɗanda labari ya rantse an haife su kamar an tsaga kara, kowa da irin hancinsa, kuma kaf garin babu wanda ya tanka.